Noti uku ne suka riƙe min tayar gaba, ga kuma gurnani, zan iya tafiya biki a haka?

Assalamu alaikum Oga. Corolla gare ni ƙirar 2006 ta Amurka, mai noti biyar. Shekaranjiya na je faci, yaron yana kwance tayar gaba ta dama sai sitod ɗaya ya karye masa a hannu, da ya zo ɗaurewa kuma wani notin sai juyawa yake yi ya ƙi kamawa. Yanzu uku ne suka riƙe tayar. Bakanikena ya ce ba komai in lallaɓa, mai juyawar kuma a ɗan ɗiga masa walda ta baya. Sannan tun da na faɗa wani rami wata biyu da suka wuce nake jin wani wuuu in na haura 60. Sati mai zuwa zan kai iyalina biki Gombe. Mai facin ƙanin matata ne, na rasa ma ko laifinsa ne ko a'a. Dan Allah a ba ni shawara. Daga wani malamin makaranta a Zariya.

Wa alaikumus salam Malam. Motar nan kar ta ɗauki iyalinka zuwa ko'ina a yadda take, kuma kar ka yarda a kai mata walda. In ma gareji za ka kai ta to a hankali, cikin gari, bayan an tabbatar ukun nan a ɗaure suke. Gyaran na yini ɗaya ne in an samu kaya, don haka bikin bai kuɓuce maka ba, amma sai ka san abin da za ka ce a yi maka, in ba haka ba sitod biyu za a buga maka da guduma a ce ka tafi, ciwon kuma yana nan kwance.

Yawancin mutane suna ɗauka nauyin mota a kan sitod yake zaune, kamar yadda ake rataye riga a jikin ƙusa. Ba haka abin yake ba. Aikin sitod da noti shi ne su matse rim a fuskar hob, wato faifan da sitod suke jiki, da ƙarfin gaske, wannan matsewar ce take ɗaukar nauyin motar da birki da kwana da duk ramin da ka faɗa. In ka ɗaure noti, sitod ɗin yana ɗan miƙewa kaɗan yadda ido ba zai gani ba, kamar ka ja roba, kuma ƙoƙarin da yake yi ya koma yadda yake shi ne yake riƙe tayar. A motarka sitod ɗin M12 x 1.5 ne, wato kaurinsa milimita 12, tazarar haƙori zuwa haƙori na tiredinsa kuma milimita ɗaya da rabi, kuma Toyota sun ce a ɗaure shi a 103 Nm, wato awon ƙarfin murɗawa. A wannan ɗaurin kowane sitod yana matsa rim da ƙarfin da ya kai wajen tan 4, ka ga biyar ɗin wajen tan 20 ke nan. Kai yanzu biyu sun fita daga lissafi, kuma ba ragin ƙarfin ne kawai matsalar ba, in biyun nan maƙwabtan juna ne to kusan rabin rim ɗin ba abin da ya danne shi, duk juyin da taya ta yi sai wannan gefen ya ɗan ɗaga ya koma, ukun da suka rage kuma ana lanƙwasa su gaba da baya dubban sau a kowace tafiya. Ka san yadda ake karya waya da hannu, a yi ta lanƙwasa ta har ta gaji ta tsinke, to haka. In na uku ya tafi a kan titi sauran biyun ba sa daɗewa, kuma tayar gaba ce, mai sitiyari.

Robar nan da na ce tana da iyaka. In ka ja ta daidai ta koma, in ka zarce ta saki ta zauna a miƙe, ƙarfe ma haka yake. Mu yi lissafin da duk mai mota ya kamata ya taɓa yi sau ɗaya. Sifanar taya da take zuwa da mota tsawonta wajen santimita 30 ne, don ka samu 103 Nm a kanta nauyin kilo 35 kawai ake buƙata a ƙarshenta, wato danna hannu mai kyau na babban mutum. Yanzu ka kalli abin da ake yi a wajen faci, saurayi mai kilo 70 ya hau kan sifanar da ƙafa ya tsaya, tun bai yi tsalle ba ya ba ta sama da 200, ninki biyu ke nan, kuma a daidai wajen nan ne sitod mai wannan kaurin yake fara miƙewar da ba ya dawowa. To in aka zura bututu mai tsawon mita ɗaya aka hau, ana maganar kusan 700. Ƙarar nan ta ƙiiit da ake ji har mai mota ya ji daɗi ya ce yauwa ta ɗauru, sau da yawa kukan ƙarfen ne yana cutuwa. Wasu kuma su shafa baƙin mai ko giris a tiredin wai don ya yi sauƙin kwancewa gaba, alhali awon da kamfani ya bayar na busasshen tiredi ne, in akwai mai noti yana sulɓewa ya ja sitod fiye da ƙima ko da sifanar awo aka ɗaure.

Sitod da ya miƙe ba lallai ya karye ranar ba. Yana iya yin wata shida yana tafiya, sai dai ya daina matsewa yadda ya kamata kuma ya sirance a wuri ɗaya, ranar da wani bawan Allah ya zo kwancewa sai ya tsinke a hannunsa a ce shi ya karya. Shi ya sa maganar surukinka nake cewa kar ka yi saurin yanke hukunci, in guntun da ya karye yana nan ka ɗauko shi ka duba bakin karayar a cikin rana, zai gaya maka da kansa. In ka ga fuskar karayar kashi biyu ce, wani ɓangare santsi mai duhu ko tsatsa da wasu layuka masu lanƙwasa kamar sawun ruwa a kan yashi, sai ɗan ɓangare ƙarami mai haske da kaushi, to wannan tsohuwar tsagewa ce, ta daɗe tana ci a hankali, ɗan farin nan ne kawai ya rage yana riƙe, yaron ya ƙarasa shi ne. Irin wannan karayar yawanci daga tafiya da noti sako-sako take zuwa ko daga rim da bai zauna daidai ba. In kuwa duk fuskar sabuwa ce fes, bakin ya sirance kamar an ja alewa kuma da alamar murɗewa, to ƙarfi ne ya yi masa yawa, ko dai an sha ɗaure shi da bututu ko kuma notin ya ciji tiredi aka tilasta shi. Ko a nan ma sai ka tambayi kanka wa ya ɗaure tayar a karon baya, don mai kwancewa abin da ya tarar yake fama da shi. In shi ne mai yi maka faci kullum kuma ka san da ƙafa yake ɗaurewa, toh, ka faɗa masa cikin raha ka nuna masa guntun, ba abin da za a kai gaban Hajiya ba ne, sana'ar haka ya tarar ana yin ta.

Notin da yake juyawa ya ƙi kamawa kuma abu biyu ne, kuma bambancinsu shi ne bambancin ƙaramin kuɗi da babba. Ka sa a juya notin kai kana kallon kan sitod ɗin, in notin rufaffe ne a leƙa ta baya bayan an cire dis ɗin birki. In sitod yana tsaye noti ne kawai yake zagayawa, tiredi ne ya cinye, za ka ga haƙoran sun kwanta sun yi ƙyalli, wani lokacin har da ɗan zaren ƙarfe kamar gashi a cikin notin. Wannan yakan faru in aka fara ɗaura noti a karkace aka bi shi da ƙarfi, musamman da injin iska, ko kuma aka sa notin wata motar. Na Nissan misali kaurinsu ɗaya da na Toyota a ido, amma tazarar haƙoransu 1.25 ce, zai hau zagaye ɗaya ko biyu lafiya sai ya cije, mai ɗaurewa ya ce tsatsa ce ya sa ƙarfi, shikenan an kashe noti an kashe sitod. Wajen faci kuwa ka san akwai gwangwanin nan da ake tara notin kowa da kowa, in naka ya ɓata daga ciki ake zaro maka. Wannan gyaransa sauƙi, sabon sitod da sabon noti.

In kuwa sitod ɗin da kansa ne yake juyawa tare da notin, to magana ta koma kan hob. Gindin sitod yana da wasu ƙananan haƙora a tsaye da suke nutsewa cikin ramin hob su riƙe shi kar ya juya. In haƙoran sitod ɗin ne kawai suka goge, sabo zai shiga da ƙyar ya kama, lafiya lau. Amma in ramin hob ɗin ne ya buɗe, sabon sitod zai shige da hannu ko ya riƙa rawa a ciki, wannan hob ya gama aiki, canza shi ake yi. A nan ne bakanike yake kawo maganar walda, kuma na san dalilinsa, sauƙi yake nema maka. Sai dai ƙarfen sitod gasa shi aka yi a kamfani har ya samu ƙarfinsa, zafin walda yana ɓata wannan gashin, wajen ya yi laushi ko ya yi gautsi, kuma daidai gindin da duk ja yake taruwa. Ga boris a nan kusa da giris ɗinsa da robar da ta rufe shi, ga shi in aka maƙala wayar walda a jikin bodi wutar tana iya bi ta cikin ƙwallayen boris ta yi musu ɗigo-ɗigon ƙuna, bayan sati biyu ka fara jin sabon gurnani. Kuma ranar da wannan sitod ya karye ba mai iya fitar da shi sai an yanka. Ni dai ban taɓa ganin waldar sitod da na yarda in ɗora yarana a kai ba.

Shawarata a canza duk biyar ɗin na wannan tayar da notinsu, ba biyu ba, tunda hannu ɗaya ne ya ɗaure su duka kuma ukun sun yi kwanaki suna ɗaukar kayan biyar. Sauran tayoyi uku kuma a gwada su, gwajin ba ya cin komai. A goge tiredin da burushin waya, a ɗauki sabon noti a murza shi da yatsu kawai, ya kamata ya tafi sumul har ƙasa. In ya tafi ya tafi sai ya cije a tsakiya alhali haƙoran ba su da rauni a ido, to a wajen ne sitod ya miƙe, tazarar haƙoran ta buɗe ta daina dacewa da ta notin. Za ka iya kuma ɗora sabon sitod a jikin tsohon haƙori cikin haƙori ka ɗaga su wajen haske, in lafiya za su shige juna, in ya miƙe za ka ga haske yana ratsawa. Wata alamar kuma a hannu ake jin ta, kana ɗaurewa maimakon noti ya yi tauri ya tsaya sai ka ji yana ci gaba da tafiya da laushi kamar kana murɗa ɗanyen kara, in ka ji haka ka tsaya, saura kaɗan ya tsinke.

Ka sa a kwantar da rim ɗin ma a duba ramukansa. In sun zama kamar ƙwai maimakon zagaye, ko bakinsu ya cinye, ko ka ga baƙin gari ko jan layin tsatsa yana fitowa daga ramin zuwa waje, tayar ta yi tafiya tana motsi, kuma rim irin wannan ko ka sa masa sababbin sitod zai sake sassauta noti. Ka lura kuma da irin notin, rim ɗin ƙarfe notinsa mai tsinin baki ne, aloyi na asalin Toyota kuma notinsa mai wosha ne da shafaffen gindi, in aka haɗa su a gicciye noti yana taɓa rim a ɗan siririn wuri ne kawai, za ka ɗaure yau jibi ya saki. Mutane da yawa suna sayen aloyi su ci gaba da tsohon noti, daga nan ciwon yake farawa. Kuma kowane noti ya samu aƙalla zagaye 8 kafin ya zauna, don 8 sau ɗaya da rabi shi ne milimita 12, daidai kaurin sitod ɗin, ƙasa da haka haƙora kaɗan ne suke ɗaukar duk jan.

Yanzu gurnanin, wanda ni ya fi damuna ma, don shi zai nuna ko sitod kawai za a canza ko har da boris da hob. Yadda ka kwatanta shi, ya fara bayan rami kuma yana tashi da gudu, ya yi kama da boris, don bugun rami yana sa ƙwallayen su yi ɗan lotso a hanyar da suke bi, daga nan kullum suna bi ta kan lotson yana faɗaɗa. Amma kar a canza da zato. Ka samu titi mai kyau da ba cunkoso, bayan an gyara sitod ɗin fa, ba yanzu ba, ka kai gudun da kake jin ƙarar ka sa giya a N na ɗan lokaci, in ƙarar tana nan yadda take to ba inji ba ne, abin da yake juyawa da taya ne. Sai ka ɗan karkata sitiyari hagu kaɗan, ka dawo dama kaɗan. In ka karkata hagu nauyin mota yana komawa dama, saboda haka in ƙarar ta ƙaru a nan ta ragu in ka karkata dama, boris ɗin dama ake zargi. Wannan gwajin yakan yaudari mutum wani lokacin shi ya sa ake tabbatarwa a kan jak. Taya da ta cinye a karkace ko ta yi tudu-tudu ita ma tana irin wannan kukan, sai dai nata yana canzawa in kwalta ta canza kuma in aka mayar da tayar baya kukan ya bi ta. Shaf kuma nasa daban ne, ƙas-ƙas-ƙas yake yi in ka murɗe sitiyari gaba ɗaya kana tashi.

A kan jak, da noti a ɗaure, a kama tayar hannu ɗaya a sama ɗaya a ƙasa a girgiza ta ciki da waje. Bai kamata ka ji komai ba, wasan da littafin gyara ya yarda da shi a boris irin wannan 0.05 na milimita ne, ko kaurin gashin kai bai kai ba, don haka duk ƙwas ɗin da hannu ya iya ji ya wuce ƙa'ida. In an ji motsi sai wani ya shiga ya taka birki a sake girgizawa, in motsin ya ɓace boris ne, in yana nan a duba boljoyin. In kuma ta gefe da gefe ne kawai take motsi a fara duba tayarod. Amma ka sani boris yana iya lalacewa yana kuka ba tare da ya yi wasa ko kaɗan ba, yawancin na motocin nan ma haka suke farawa, don haka in bakanike ya girgiza ya ce ai garau yake, ka ce a juya tayar da hannu kai kuma ka dafa sifirin ɗin shokozoba, in boris ya mutu za ka ji wani gurzawa yana zuwa tafin hannunka kamar ana niƙa tsakuwa, ka gwada ɗaya gefen ka ji bambanci. Bayan tafiyar kamar minti ashirin ba tare da yawan birki ba ka kai bayan hannunka kusa da tsakiyar rim na dama da na hagu, in ɗaya ya fi zafi sosai akwai magana, ko boris ko birki mai kamewa. In fitilar ABS ta kama ita ma ka faɗa musu, don in hob yana rawa na'urar da take ƙirga juyin taya takan rikice.

Hob ɗin kansa, wato faifan da sitod suke jiki, ana duba shi ne in an cire dis. Abin da ake nema: ramin da ya buɗe kamar yadda na faɗa, tsagewa ko da siririya ce daga bakin rami, da kuma lanƙwasa. Rami mai ƙarfi yana iya karkatar da fuskar hob kaɗan, alamarsa birki ya riƙa harbin ƙafarka ko sitiyari ya yi rawa in ka taka, a canza dis abin ya lafa ya dawo bayan 'yan watanni. Masu agogon awo suna ɗora shi a fuskar su juya su gani, in garejinku babu to aƙalla a kafa wani ƙarfe kusa da bakin faifan a juya a ga ko tazarar tana buɗewa tana rufewa. Tsatsa da datti a fuskar ma a kankare su tas, don in ƙasa ta shiga tsakanin hob da dis ko dis da rim, za a ɗaure a kanta, a hanya ta murƙushe, noti ya saki ba wanda ya taɓa shi.

A gaban motarka boris ɗin matsa shi ake yi cikin nokul, wato ƙarfen da yake ɗauke da hob da kalifar birki, hob kuma a matsa shi cikin boris, ba kamar na baya ba da yake zuwa a haɗe a kwance noti huɗu a sa wani. Ma'anar wannan a wajenka ita ce duk ranar da aka zare hob na gaba to boris ya tashi aiki, don zoben cikinsa yana biyo hob ɗin ya fito, kar wani ya ce zai mayar maka da shi. Haka kuma in boris za a canza a duba wuyan hob inda zoben yake zama, in ya yi zane ko ya yi shuɗi ko sabon boris yana shiga ba da matsi ba, zoben ya taɓa juyawa a kansa ya cinye shi, in aka mayar da shi sabon boris ba zai yi wata uku ba. Ka nace a kai wajen masu injin matsi, kar a buga da guduma, kuma a sa sabon babban notin shaf a ɗaure shi da awo, 216 Nm ne nasa, sannan a lotsa bakinsa cikin tsagin shaf ɗin. Wannan notin shi yake riƙe boris a matse, in ya yi sako-sako ko aka sauke mota aka tura ta kafin a ɗaure shi, an fara kashe sabon boris tun a gareji.

In Allah ya taimake ka gwaji ya nuna boris lafiya, taya ce mai kukan, to sitod kawai za a canza hob yana jikin mota. A cire kalifa a rataye ta da waya kar ta rataya a jikin tiyon birki, a cire dis, a tura tsofaffin su fita ta baya. An fi so a matse su da irin abin cire boljoyin, don duk dukan da aka yi wa sitod boris ne yake shan sa, in dole sai guduma to bugu ɗaya ko biyu masu kyau da wani ƙarfe mai nauyi a tokare bayan faifan, ba a yi ta rafka ba. Sabon kuma a zura shi ta baya, a jera wosha uku ko huɗu ta gaba, a ja shi da wani noti daban da sifanar hannu har kansa ya kwanta lif a bayan hob ba ko siririyar tazara, notin da aka ja da shi a yar. In kan bai zauna ba zai ƙarasa zama a hanya, tayar ta saki. Wajen saye kuma ka tafi da tsohon a hannu a gwada tsawo da kaurin gindin, don akwai masu tiredi iri ɗaya amma gindinsu ya bambanta, kuma ka guji sitod na Beljiyam da aka bugo daga wani hob, ba ka san wa ya taɓa hawa kansa da bututu ba. In kuma cikakken nokul na Beljiyam za ka saya da hob da boris a jiki, ka juya shi da hannu ka saurara, ka gwada noti a duk sitod ɗin kafin ka biya.

Wajen mayar da taya ka tsaya a kai da kanka. Kowane noti a fara shi da yatsu ya yi zagaye uku ko huɗu kafin sifana ta taɓa shi, a ɗaure ana tsallake ɗaya kamar ana zana tauraro, a ɗan matse a sama, a sauke jak a ƙarasa da sifanar awo a 103. In babu sifanar awo to hannu kawai a kan sifanar motar, ba ƙafa ba bututu. Ka yi kwana biyu kana zirga-zirgarka ta makaranta, in ka yi kamar kilomita 50 zuwa 100 a sake bin notin duka, sabon sitod yakan ɗan ƙara zama. Don haka ka kai ta gobe ko jibi, kar ka bari sai ana gobe tafiya, kuma ranar tafiyar in kun tsaya shan mai na farko ka zagaya da sifana ka taɓa biyar ɗin nan, ka kai bayan hannunka kusa da rim ɗin ka ji zafinsa. Allah ya kai ku lafiya, a gaida amarya da ango.